Man shafawa na kaɗe da muke haɗawa a Tawa: tambayoyin masu saye da amsoshinmu

Mu uku ne muke haɗa wannan man a gidanmu a nan Tawa: ni, da ƙanwata, da ɗiyar yayana da ke kula da awo da rubutu a jikin kwalba. Muna da girma biyu, kwalba mai giram 50 a kan jika ɗaya, da mai giram 100 a kan jika ɗaya da rabi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mana ta waya da kuma a ƙofar gida. Na tsawaita a kan abin da ke cikin man da kuma kwanakin da yake yi kafin ya lalace, domin nan ne na ga an fi ɓoye wa mai saye gaskiya.

Hajiya, mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar?

Abu huɗu ne. A kowane giram 100 akwai man kaɗe giram 75, man riɗi ɗanye da ba a soya ba giram 20, kakin zuma giram 4 da rabi, sai bitamin E rabin giram. Babu ruwa, babu turare, babu kala, babu basilin.

Kowanne da aikinsa. Man kaɗe shi ne uwar tafiya. Shi kaɗai yana da tauri a lokacin sanyi, sai an yi ta murza shi a tafin hannu kafin ya saki, shi ya sa muke sassauta shi da man riɗi. To amma man riɗi ruwa-ruwa ne, yana sa haɗin saurin narkewa, kuma garinmu kun san zafinsa. Nan kakin zuma yake shigowa: ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 60, don haka ɗan kaɗan ɗinsa yana riƙe jikin man ya hana shi tsiyaya da wuri. Mun taɓa gwada ninka shi, sai man ya zama kamar kyandir, yana jan gashin jiki wajen shafawa. Muka koma giram 4 da rabi.

Bitamin E shi kaɗai ne ba na ƙasarmu ba. Sayo shi muke yi a kwalba, daga masana'anta ya fito. Saboda shi ne ba na rubuta cewa komai na cikin man nan na gargajiya ne. Aikinsa ya rage saurin tsufan mai. Ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma ba ya hana hunhuna.

Daga ina man kaɗen yake zuwa? Ai ba mu da kaɗe a nan Adar.

Gaskiya ne, ba mu da shi. Itacen kaɗe yana son ruwan sama fiye da wanda muke samu, don haka a Nijar sai can kudu ake ganinsa, musamman jihar Dosso, wajajen Gaya da Boboye. Namu daga wasu mata ne a wani ƙauye kusa da Gaya. Yakan biyo ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni kafin ya iso mana.

Ƴaƴan suna nuna da faɗuwar damina, su zubo da kansu, mata su tsinto da sassafe. A cinye ko a cire naman, a tafasa ƙwallon don kada ya tsira, a shanya, a fasa, a sake shanya ƙwarar har ta bushe ƙayau. Daga nan a daka, a soya sama-sama, a niƙa ta zama baƙin ƙulli. Sai aikin da ke cin ƙarfi: a zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana bugawa da hannu har farin kumfa ya taso. Wannan kumfan ake kwashewa a wanke, a dafa har ruwan ya ƙone, man ya kwanta garau a sama, a tace. Sai an kashe kilo uku zuwa huɗu na ƙwara kafin a sami kilo ɗaya na mai.

Na kawo wannan ne saboda rayuwar man tun can ake yanke ta. Ƙwarar da ta yi hunhuna wajen shanya a tsakiyar damina, manta yana fitowa da ɗaci da wari tun ranar farko. Man da ba a dafa ya ƙone ruwansa ba kuwa, kyakkyawa ne a ido, amma wata biyu ba ya kaiwa.

Ta yaya kuke gane mai kyau in ya iso?

Da hanci da farko, sannan da wuta. Kowane bokiti da ya zo, muna yankar ɗan guntu daga sama, mu kuma zura cokali mai tsawo mu ciro daga can ƙasa, domin ruwa da datti ƙasa suke kwanciya. Mu narkar da shi a ƙaramar tukunya a kan wuta kaɗan. In akwai ruwa a ciki za ki ji yana tartsatsi yana ƙara kamar an jefa ɗanyar albasa a mai. Mai kyau shiru yake narkewa. Sai mu juye a kofin gilashi mu ɗaga wa haske: ya kamata ki hango yatsanki ta bayan kofin, kuma kada a ga ɗigo-ɗigo a gindi.

Wannan gwajin ba mu fara shi ba sai da muka ƙone. A shekararmu ta biyu mun sayi bokiti biyu a hannun wani ɗan kasuwa, saboda na matan Gaya ya yi jinkiri kuma ga hunturu ya kama, mutane na ta nema. Na sinsina sama na ji lafiya lau. Muka haɗa, muka cika kwalabe arba'in. Kafin sati shida wata mata daga Agadas ta kira ni ta ce, «Hajiya, ki gafarce ni, man nan wari yake, kuma ga wani abu baƙi-baƙi a bakin murfi.» Na buɗe waɗanda suka rage a gida, na kankare gefen ɗaya da cokali, sai ga ɗigon ruwa ya fito daga cikin man kamar zufa. Muka bi kowa da ya saya muka maida masa kuɗinsa. Mata biyu ban same su ba har yau, kuma abin yana nan a raina.

Yaya kuke haɗa shi?

Kilo huɗu muke yi a zama ɗaya: man kaɗe kilo 3, man riɗi giram 800, kaki giram 180, bitamin E giram 20. Da sikeli muke auna komai, ba da ludayi ba. Ba ma ɗora mai a kan wuta kai tsaye. Tukunyar man muna zaunar da ita cikin wata babbar tukunya mai ruwan zafi, muna kiyaye kada tururi ya koma ciki. Kaki da man riɗi su ke fara shiga tunda kaki ne mai taurin kai, sai man kaɗe. In komai ya narke garau mukan bar shi a haka kamar minti ashirin, mu tace da farin ƙyalle ninki biyu. Bitamin E sai ya ɗan huce muke zuba shi. Sannan mu sa tukunyar cikin ruwan ƙanƙara muna juyawa har ya fara kauri, mu ɗura a kwalaben da aka wanke tun jiya suka kwana suna bushewa a kife.

Tukunyar da ba ta tsatsa muke amfani da ita, da cokali irinta. Tsatsa da jan ƙarfe suna gaggauta lalacewar mai. Daga kilo huɗu mukan sami kwalba 38 ko 39 masu giram 100, sauran yana tafiya a jikin tukunya da ƙyallen tata.

Me ya sa ba ya laushi da sanyi kamar man kanti?

Saboda man kanti da ake matsowa daga roba yawancinsa ruwa ne, sau da yawa fiye da rabi. Ruwan ne ke ba shi wannan sanyin da saurin shiga jiki. Duk inda ruwa da mai suka zauna tare kuwa, ƙwayoyin cuta da hunhuna suna samun wurin zama, don haka dole a sa masa maganin hana ruɓewa. Wannan ba laifi ba ne, masana'anta suna da ɗakin gwaji da za su tabbatar maganin yana aiki. Mu ba mu da shi. Na gwammace in bar ruwa gaba ɗaya da in sayar muku da abin da ba ni da hanyar sanin abin da ke girma a cikinsa.

Don haka in kika ga wani man gida mai laushi kamar nono, an ce an sa ruwan alobera ko ruwan fure, kuma an ce babu wani magani a ciki, ki tambaya da kyau. Irin wannan a zafinmu kwanaki yake yi, ba watanni ba.

To wata nawa naku yake yi?

In ba a buɗe ba, kuma yana ɗaki mai inuwa, wata 12 daga ranar da muka haɗa. In an buɗe, wata 6. In buɗewar ta faɗo a bazara, daga Maris zuwa Yuni, ki ƙirga wata 3 zuwa 4 kawai.

Za ki ga ana rubuta shekara biyu a kan man kaɗe. Man kaɗe zalla, busasshe, a ƙasa mai sanyi, yana iya kaiwa haka. Namu ba zalla ba ne, akwai man riɗi a ciki, wanda ya fi saurin tsufa. Kuma ba a ƙasa mai sanyi muke ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa da rana yana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Abin da ke tsufar da mai shi ne iska da haske da zafi, kuma masu harkar mai sun san cewa duk ƙarin digiri goma yana kusan ninka saurin lalacewar. Watan da kwalba ta yi a kan taga a bazara ba ɗaya yake da watan da ta yi a cikin akwati a Disamba ba.

Waɗannan watannin daga abin da muka gani ne. Daga kowane haɗi muna ajiye kwalba biyu, ɗaya a rufe, ɗaya muna buɗe ta muna lakata kamar yadda mai saye zai yi, mu sinsina a farkon kowane wata mu rubuta a littafi. Ba gwajin masana ba ne, shi ya sa muka rage daga abin da muka gani muka bar tazara.

Na ga kwanan wata har biyu a jikin kwalba. Wanne zan bi?

Na farko watan da aka fitar da man kaɗen ne a ƙauye, na biyu ranar da muka haɗa. Mai ba ya komawa sabo don an narkar da shi an zuba a sabuwar kwalba. Wanda ya haɗa da man da ya riga ya shekara a ajiye, ya rubuta ranar haɗawa kaɗai, bai yi ƙarya ba amma ya ɓoye rabin labari. Mu ba ma haɗawa da man da ya wuce wata huɗu da fitarwa.

Ga misali. A ce kwalbarki an rubuta an fitar da man a Oktoba 2025, an haɗa ranar 10 ga Janairu 2026. In kin bar ta a rufe, tana da har 10 ga Janairu 2027. In kin buɗe ta a ƙarshen Janairu, wata shida zai kai ki ƙarshen Yuli, amma bazara gaba ɗaya tana tsakani, don haka ki yi niyyar ƙarar da ita kafin ƙarshen Mayu. In kuma kin ajiye ta sai farkon Nuwamba 2026 kika buɗe, ba ki da wata shida, wata biyu da ƴan kwanaki suka rage miki, domin wa'adin shekarar ya riga zuwa. Duk wanda ya fara cika a cikin biyun, shi ake bi. Akwai ɗan fili a murfi da muka bari don ki rubuta ranar da kika buɗe.

Yaya zan gane ya lalace?

Ki sinsina shi ranar da ya zo miki don hancinki ya riƙe ƙanshinsa na asali. Man kaɗe da ba a tace shi a masana'anta ba yana da nasa ƙanshi, kamar na soyayyar gyaɗa da ɗan hayaƙi, wanda yakan baje bayan ƴan mintuna a jiki. Wasu ba sa sonsa, amma ba lalacewa ba ne. Lalataccen mai warinsa daban: yana da tsami, yana hawa kai, kamar man suya da aka yi ta maimaitawa ko tsohon fenti, kuma yana manne wa hannu ko an wanke. Sau da yawa saman ne da gefen kwalba ke fara dusashewa su yi fari fat, su yi danƙo.

In kin ga ɗigo baƙi, kore ko ruwan hoda, hunhuna ce, alamar ruwa ya shiga. Kada ki kwashe saman ki ci gaba da na ƙasa, ki zubar duka. Wanda ya yi wari kawai ba tare da hunhuna ba, kada ya taɓa fata domin yana iya sa ƙaiƙayi, amma ana iya goge takalmin fata ko sirdi da shi.

Nawa ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Ya lalace ke nan?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni. Man kaɗe ba iri ɗaya ne na kitse a cikinsa ba, akwai mai tauri akwai mai ruwa. In ya narke da rana sannan ya huce a hankali cikin dare, mai taurin yakan riga daskarewa ya dunƙule ƙanana-ƙanana, shi ne tsakin da kike ji. Ki ɗora ɗaya a bayan hannu ki murza, zai narke. In ya narke kuma babu wari, man lafiyarsa ƙalau.

In yana damun ki, ki rufe kwalbar sosai, ki zaunar da ita a kwano mai ruwan zafi wanda bai kai wuyanta ba, har man ya narke garau babu ko gari. Ki bar shi minti goma sha biyar a haka, ki goge jikin kwalbar, ki sa a firigo ko cikin ruwan ƙanƙara ya daskare da sauri. Sanyin gaggawar ne ke gyara shi. Kada dai ya zama kullum, domin kowace narkarwa tana ɗan rage masa kwana.

Ina ya kamata in ajiye shi? Ba ni da firigo.

Ba dole sai da firigo ba. Wuri mafi sanyi da duhu a ɗakinki ya isa: ƙasan gado, ko cikin kwano mai murfi a gindin randa, muddin ruwa ba ya taɓa kwalbar. Banda taga, banda cikin mota, banda makewayi inda ake wanka.

Mai firigo kuma ta lura da abu ɗaya. In kin fito da kwalba mai sanyi kika buɗe nan take, raɓa tana sauka a kan man, kin sa masa ruwa da hannunki. Ki bari sanyin ya sake ta tukuna, ki goge, sannan ki buɗe. Dabarar da ta fi ita ce ki ɗebi na sati biyu a wata ƴar roba busasshiya, babbar ta zauna a rufe. A kowane hali, busasshen yatsa ko ƙaramin cokali ake sawa.

Ta yaya ake shafa shi har ya yi aiki ba tare da maiƙo ba?

Tunda babu ruwa a cikinsa, ba ya ba fata ruwa, riƙe wanda ke jikinta yake yi kada ya tsere. Saboda haka lokacinsa shi ne da fitowa daga wanka, jiki da sauran danshi. Ki ɗeba kafin ki jiƙa hannu, ko ki goge yatsa ki lakata kamar ƙwayar wake, ki murza a tafi har ya zama ruwa, ya ishi hannu ɗaya tun daga kafaɗa. Wadda ta shafa a busasshiyar fata da tsakar rana za ta ga ƙyalli kawai, ƙurar hunturu kuma ta manne mata.

Ga kaushi da faso, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma da dare, a goge da dutsen kaushi a hankali, a tsane, a cusa man a cikin tsagar, a sa safa a kwana. Yawanci cikin sati guda ake jin bambanci. Fason da ke jini ko ruwa, ko ƙafar mai ciwon sukari, wannan na likita ne.

Yana sa haske?

Ba ya sawa. Fatar da ta yi furu-furu in ta sami mai takan koma launinta na asali ta yi sheƙi, iyakarsa ke nan. An sha roƙona in haɗa na musamman mai ɗan ƙarfi, ban taɓa yi ba kuma ba zan yi ba. Abubuwan da ake zubawa don bilicin, irin su hidrokinon da magungunan kortizon masu ƙarfi, wani lokaci har da sinadarin merkuri, suna sirantar da fata, su bar baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu, rauni ya riƙa jinkirin warkewa. Na ga matan da suka zo neman man kaɗe bayan fatarsu ta kai ba ta jure ko rana. Man yana rage musu bushewa, amma ba ya maido abin da ya tafi.

Haka kuma ba maganin rana ba ne. Kariyar da yake bayarwa kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa a dogara da ita ba, musamman ga zabiya, waɗanda ke buƙatar man kariyar rana na gaske da sutura.

Nankarwa fa, da ƙyasbi, da makero?

Nankarwa tsagewa ce a can cikin fata, mai ba ya goge ta. Yana rage ƙaiƙayin ciki lokacin goyon ciki, wannan kam. Ƙyasbi da makero da ƙazuwa cututtuka ne masu maganinsu a asibiti da farmasi, namu ba ya kashe su.

Zan iya shafa wa jariri? A fuska kuma fa?

Iyayenmu sun daɗe suna shafa wa jarirai man kaɗe, kuma babu turare a namu. Amma ki tuna akwai riɗi da kakin zuma a ciki, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi ko kayan zuma. Ga jaririn da bai kai wata shida ba, ko yaron da fatarsa ke da kirci, ki tambayi ma'aikaciyar asibiti tukuna. Kada a sa a cibiyar da ba ta faɗi ta warke ba, kada a cusa a hancin jariri don mura.

Babba ma ya gwada kafin ya shafe jiki: ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, a bari kwana biyu. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje, a wanke a bari, a kira mu mu maida kuɗin.

Fuska kuwa ta danganta. Mai busasshiyar fuska za ta ji daɗinsa a hunturu, kaɗan da dare. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje ta bar shi a jiki da leɓe, yana da nauyi gare ta.

Akwai inda ba a sa shi ko kaɗan?

Sabuwar ƙuna. Na san al'ada ce a ruga a shafa mai, amma mai yana riƙe zafin a cikin nama. Ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin kamar minti ashirin, in babba ce a tafi asibiti. Haka buɗaɗɗen rauni da cikin ido. Ma'aurata masu amfani da kwaroron roba su sani cewa kowane irin mai yana cin robar har ta yage. Kuma ko da yake ana girki da man kaɗe, wannan haɗin ba na ci ba ne.

Kwalbar da na saya bana ba ta yi kalar ta bara ba.

Haka yake faruwa. Wani haɗin yakan fito fari-fari kamar madara, wani ya ɗan yi ruwan toka ko ɗorawa-ɗorawa, gwargwadon ƙwarar shekarar da yadda aka soya ta. Taurinsa ma yana ɗan bambanta. Wanda kike gani fari tas mara ƙanshi, an tace shi ne a masana'anta an cire launi da ƙanshin. Mai ruwan ɗorawa sosai kuma galibi wani abu aka sa masa don ya ba da kalar. Mu yadda ya zo muke barinsa.

Ina Yamai. In kun aiko ba zai narke a hanya ba?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana isowa yadda ya bar mu. A bazara kuwa zai narke, ba na ɓoye miki. Man kaɗe yana fara sakin jiki tun zafi bai kai digiri 40 ba, kuma tsakanin Tawa da Yamai tafiyar sama da kilomita 500 ce a cikin ɗakin kayan mota. Muna liƙe bakin kwalba da leda kafin murfi, mu naɗe da takarda, mu tsayar da ita a kwali, mu ba motar da ke tashi da asuba. In ya iso, kada ki buɗe. Ki tsayar da shi a wuri mai sanyi ko firigo na awa biyu tukuna. In ya zube a kwali ko kwalbar ta fashe, ki turo mana hoto a ranar, mu sake aiko wata da kuɗinmu. Haka muke yi wa Agadas, Maraɗi, Damagaram da Ƙonni. Kuɗin mota na mai saye ne, kuma muna faɗar sa kafin a biya.

Wace kwalba zan ɗauka, babba ko ƙarama?

Babbar ta fi araha in aka bi giram, amma ki duba yadda za ki shafa. Wadda za ta shafe jiki duka kullum a hunturu, giram 100 zai yi mata kamar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, babu fargabar ya tsufa a hannunta. Wadda ke son na leɓe da hannu da diddige kawai, giram 50 zai kai ta wata uku ko fiye, ta ɗauki ƙaramar. Daga Maris zuwa Yuni ƙaramar nake ba kowa shawara, kuma a watannin nan mu kanmu rabin haɗi muke yi, kilo biyu, don kada kwalba ta wuce sati uku a hannunmu kafin ta fita. Masu saye da yawa don sayarwa a butik su gaya mana tun da sati biyu, mu haɗa musu sabo, kuma su tabbatar kantar da za su jera shi ba ta kallon rana.